Yadda ake fassara shafin intanet na ƙasar waje gaba ɗaya, da yadda ake kashe fassarar idan ta ɓata fom ko maɓalli

Tun da muka yi maganar fassarar waya a shirinmu, tambayoyi iri biyu ne suka fi zo muna, daga ƙauyuka da kuma ƴan uwa da ke ci-rani a Aljeriya, Libiya, Abijan, Saudiyya da Turai. Wasu suna cewa: «Na buɗe shafi da yaren da ban ji, ƙaƙa zan mai da shi Faransanci ko Hausa?» Wasu kuma suna cewa: «Na fassara shi, na cika fom, amma maɓallin aikawa ya ƙi aiki, ko kuma fuskar wayar ta koma fari fat.» Amsar tambayoyin biyu a haɗe take, don haka muka rubuta ta wuri ɗaya, don wanda bai samu jin shirin ba, da wanda yake so ya riƙa dubawa lokacin da yake cikin aikin.

Ƙa'idar da za mu bayyana a taƙaice ita ce: a kunna fassara don a karanta, a kashe ta kafin a fara cikawa ko a biya kuɗi. Sauran bayanin duka dalili ne da hanyar yin haka.

Abin da fassarar ke yi da abin da ba ta yi

Manhajar da ake shiga intanet da ita, wadda ƴan boko ke kira nabigatar, ita ce ke yin wannan aiki. Wadda ta fi yawa a wayoyinmu na Android ita ce Chrome, kuma tun shekarar 2010 take da fassarar shafi a cikinta. Hausa kuwa ta shiga cikin harsunan Google Translate a ƙarshen 2013. Idan ka nemi fassara, Chrome tana kwashe rubutun da ke cikin shafin, ta aika da shi zuwa injinan Google, su maido shi cikin harshen da ka zaɓa, sannan ta cire rubutun asali daga fuskar wayarka ta liƙa sabon a gurbinsa. Saboda haka sai da rezo fassarar ke tafiya. Idan rezo ya yi rauni, za ka ga rabin shafi ya juya, rabi ya tsaya yadda yake.

Abin lura na farko: shafin da ke can wurin masu shi bai canza ba. Kwafin da ke cikin wayarka kawai aka taɓa. Masu shafin ba su san ka fassara ba, kuma injinsu yana jiran amsa da harshensu da tsarinsu.

Abin lura na biyu: akwai abubuwan da fassarar ba ta taɓawa. Ba ta karanta rubutun da ke cikin hoto, kamar talla ko takardar da aka ɗauka hoto. Ba ta fassara takardar PDF da aka buɗe. Ba ta kuma fassara abin da kai ka rubuta cikin akwatin fom. Idan ka rubuta amsa da Hausa a shafin Larabci, da Hausar za ta isa wurinsu, ko da kai kana ganin shafin duka ya koma Hausa. Haka nan ba ta canza kuɗi: farashin da aka rubuta da dalar Amurka ko lira ta Turkiyya yana nan da kuɗin ƙasarsa, bai zama sefa ba don kalmomin da ke kewaye da shi sun juya.

Yadda ake kunna ta a Chrome ta wayar Android

Mun ba da sunayen yadda suke fitowa a wayar da aka saita da Faransanci, tunda ita ce ta fi yawa a nan. Kalma ɗaya ko biyu na iya bambanta gwargwadon tsufan manhajar, amma ma'anar ɗaya ce.

1. Buɗe shafin a Chrome ka jira ya gama lodi. Sau da yawa wani ɗan layi zai fito da kansa yana tayin fassara.
2. Idan bai fito ba, taɓa ɗigo uku da ke sama a hannun dama, ka sauko ka taɓa «Traduire…».
3. Shafin zai juya zuwa harshen da aka saita wayar da shi. Idan wani harshe kake so, taɓa ɗigo uku ko alamar saiti da ke jikin ɗan layin fassarar, ka shiga jerin sauran harsuna, ka nemi «Haoussa» ko «Français».
4. Don komawa rubutun asali, taɓa sunan harshen farko a kan layin, ko ka taɓa «Annuler» idan shi ya fito.

A cikin wannan ƙaramin jeri na layin fassara akwai zaɓi uku da ya kamata kowa ya san bambancinsu. Mu ɗauka shafin na Turkanci ne. «Toujours traduire les pages en turc» yana nufin duk shafin Turkanci da ka buɗe daga yau za a juya shi ba tare da an tambaye ka ba. «Ne jamais traduire les pages en turc» yana hana tayin fassara ga duk shafin Turkanci. «Ne jamais traduire ce site» kuwa wannan gidan intanet ɗin kaɗai yake keɓewa, sauran suna nan yadda suke. Wanda wayarsa ke da Turanci zai ga «Translate…», «Always translate pages in Turkish», «Never translate pages in Turkish» da «Never translate this site».

Na farkon nan, na «Toujours», shi ne yake jawo yawancin kukan da muke ji. Mutum ya taɓa shi sau ɗaya wata uku da suka wuce, ya manta, yau ya buɗe fom, an riga an fassara shi kafin ma ya lura.

A ordinatar, kamar wadda ake haya a sibar, ana danna hannun dama na linzami a wani fili na shafin, a zaɓi «Traduire en français». Wata ƴar alama ta fassara za ta fito a ƙarshen layin adireshi, kuma a nan ake samun zaɓin nan uku. Saitin gaba ɗaya yana wannan adireshi, a rubuta shi a layin sama:

```
chrome://settings/languages
```

Idan ba a ga «Traduire…» ba

Dalilin da ya fi yawa shi ne ba a cikin Chrome kake ba. Idan ka taɓa adireshi daga cikin Facebook, shafin yana buɗewa a wani ƙaramin taga na Facebook ɗin kansa. Taɓa ɗigo uku na wannan taga ka zaɓi buɗewa a nabigatar ta waje. Wayoyin Tecno, itel da Infinix kuma sukan zo da wata nabigatar tasu daban, wasu mutane kuma Opera Mini suke amfani da ita don tattalin mega. Sai a kwafi adireshin a liƙa a Chrome.

Masu iPhone suna da fassara a Safari tun iOS 14 na 2020, ana samunta a alamar da ke gefen layin adireshi. Tana da Faransanci, Larabci da Turanci, amma babu Hausa, don haka mai son Hausa sai ya saka Chrome. Edge ta ordinatar tana amfani da fassarar Microsoft, wadda ta ƙara Hausa a 2023. Firefox kuwa tun 2023 tana yin fassarar a cikin na'urar kanta ba tare da aika rubutun waje ba, sai dai harsunanta ba su kai na Google yawa ba.

Akwai kuma hanyar shiga translate.google.com, a zaɓi «Sites Web», a liƙa adireshi. Za ka gane ka bi ta wannan hanya idan adireshin da ke sama ya ƙare da translate.goog. Tana da kyau ga karanta labari, amma a nan ba kai tsaye kake magana da shafin ba, akwai ɗan aike a tsakani. Kada ka rubuta lambar sirri, lambar paspo ko ta katin banki a shafin da adireshinsa ke da translate.goog. Rufe shi ka buɗe adireshin asali.

Me ya sa fassara ke ɓata fom?

Mu kwatanta da mai shago wanda ya jera kayansa ya liƙa wa kowane buhu takarda da hannunsa. Ya fita salla, wani mai son taimako ya zo ya cire takardun ya liƙa nasa da wani harshe. Mai saye ya ji daɗi, ya gane komi. Amma da mai shago ya dawo zai canza farashin buhu ɗaya, sai ya nemi takardarsa ya rasa. Ko dai ya tsaya cak, ko ya gyara takardar da ke cikin kwandon shara, ta jikin buhu kuwa tana nan da tsohon farashi.

Haka abin yake a shafukan zamani. Da yawansu ba rubutu ne tsayayye ba, ƙananan manhajoji ne da ke canza abin da ke kan fuska duk lokacin da ka taɓa wani abu. Manhajar shafin tana riƙe da lissafin kowane guntun rubutu da ta ajiye. Fassara ta zo ta cire guntun ta sa nata. Daga nan ɗaya daga cikin abu uku ke faruwa.

Na ɗaya, shafin ya faɗi. Ka taɓa maɓalli, manhajar ta je cire wani rubutu don ta nuna mataki na gaba, ba ta same shi inda ta bar shi ba, sai komi ya ɓace, fuska ta koma fari, ko wani saƙon kuskure ya fito. Wani lokaci cikin saƙon za ka ga kalmar removeChild ko insertBefore. Idan ka ga ɗayansu a shafin da aka fassara, kusan kullum fassarar ce sanadi, ba wayarka ba ce ta lalace.

Na biyu ya fi haɗari, don ba ya ihu. Shafin yana aiki, amma lambar da kake gani ta daskare. Ka ƙara yawan kaya daga 2 zuwa 5, jimillar kuɗi a fuska ba ta motsa ba, alhali a can ciki an riga an lissafa maka na biyar. Ko agogon da ke ƙirga mintocin da suka rage ya tsaya, kana zaton kana da lokaci.

Na uku, amsar da aka fassara ta tafi wurin masu shafin. A jerin zaɓi mai saukowa, kamar na wata ko na ƙasa, kowane zaɓi yana iya kasancewa da lamba ta ɓoye a bayansa. Dubi layi biyun nan:

```
<option value="01">Ocak</option>
<option>Ocak</option>
```

A layi na farko, ko me aka fassara kalmar, lambar 01 ce za ta tafi, babu matsala. A layi na biyu babu lambar ɓoye, don haka kalmar da ke kan fuska ita ce za ta tafi. Idan an mai da ita «Janairu» ko «Janvier», injin da ke jiran «Ocak» bai san ta ba, sai ya ce ba ka cika akwatin ba, ko ya ƙi karɓar fom ɗin. Kai mai cikawa ba ka da hanyar gane wane iri ne ke gabanka, shi ya sa ba a yin caca da shi.

Bayan waɗannan uku akwai kuskuren ma'ana. Injin fassara ya fi ƙwarewa a doguwar jimla, don tana ba shi haske. Kalma ɗaya tilo a kan maɓalli ba ta da maƙwabta, sai ya yi ta hasashe.

Misali daga farko zuwa ƙarshe

Mu ɗauki wata ɗaliba a Damagaram da ta ci jarrabawar bak, tana neman gurbin karatu a wata jami'a ta Turkiyya. Shafin neman gurbin da Turkanci yake, kuma wayarta tana kan «Toujours traduire». Ta buɗe, komi ya fito da Faransanci, ta fara cikawa.

Ta zo ranar haihuwa. An haife ta ranar 14 ga Oktoba. A jerin watanni ta nemi Oktoba ta rasa, sai wata kalma mai nufin shuka. Dalili shi ne sunan Oktoba da Turkanci «Ekim» ne, kuma kalmar tana nufin shuka. Haka «Ocak», wato Janairu, tana nufin murhu, «Aralık», wato Disamba, tana nufin tazara. Inji na iya ɗaukar kowace daga cikin ma'anonin biyu. Maganin wannan mai sauƙi ne: a ƙirga. Watanni a jere suke, na goma shi ne Oktoba ko da me aka rubuta.

Ta zo ƙasa. Da Turkanci ƙasarmu «Nijer» ce, maƙwabciyarmu kuma «Nijerya», kuma suna manne da juna a jerin. Mu da muka sha ganin an aika wasiƙarmu Najeriya mun san wannan rikici tun kafin intanet. A jerin da aka fassara, sunayen sun canza amma jerin bai sake tsari ba, yana nan bisa haruffan Turkanci, don haka neman ƙasa ta harafin farko na Faransanci yana iya kai ka wani wuri. Kuskure a nan ba ƙarami ba ne: dosiyen da ya ce ƙasa Najeriya alhali paspo na Nijar ne yana iya tsayawa. A duba lambar waya ta ƙasa idan shafin ya nuna ta: 227 tamu ce, 234 ta Najeriya.

Ta gama shafi na farko, ta taɓa maɓallin ci gaba, fuska ta koma fari. Ta sake lodi, wayar ta sake fassarawa da kanta, ta sake cikawa, ta sake taɓawa, fari kuma. Sau uku ke nan, mega na ƙarewa, ranar rufewa kuma gobe ce.

Ga abin da ya kamata ta yi, bi da bi. Da farko ta bar fassarar a kunne ta karanta fom ɗin daga sama har ƙasa ba tare da ta cika komi ba. Ta ɗauki takarda da biro ta rubuta lambar kowane akwati da abin da ake nema a cikinsa, ko ta ɗauki hoton fuskar wayar. Sannan ta buɗe jerin layin fassara ta cire alamar da ke kan «Toujours traduire les pages en turc», ta taɓa «Ne jamais traduire ce site». Bayan haka ta sake lodin shafin, ta tabbata da idonta Turkanci ne ya fito. Sai ta cika tana duba takardarta. Kalmomin da take buƙata ba su da yawa: «Ad» suna, «Soyad» sunan iyali, «Doğum tarihi» ranar haihuwa, «İleri» gaba, «Geri» baya, «Kaydet» ajiye, «Gönder» aika. Da kalma bakwai ɗin nan da takardarta, fom ɗin zai wuce.

A lura da tsarin matakan. Komawa harshen asali kaɗai ba kullum yake gyara shafin da ya riga ya rikice ba, don manhajar shafin ta riga ta ɓatar da lissafinta. Sai an sake lodi. Sake lodi kuma ba ya amfani idan «Toujours» na kunne, don za a sake fassarawa nan take. Saboda haka a kashe tukuna, sannan a sake lodi. A sani kuma sake lodi yakan share abin da aka rubuta cikin akwatuna. Idan akwai doguwar amsa, kamar wasiƙar bayanin dalilin neman karatu, a rubuta ta a wani wuri daban a wayar, a kwafo a liƙa.

Idan fom ɗin mai matakai da yawa ne

Wani fom ba ya nuna shafi na biyu sai an gama na farko, don haka ba a iya karanta shi duka tun farko. A nan hanya biyu ce.

Ta farko ita ce fassarar guntu. A bar shafin da harshensa, a danne yatsa a kan jimlar da ba a gane ba har ta yi launi, a kwafe ta, a liƙa a manhajar Google Translate. A wayoyi da yawa kalmar «Traduire» tana fitowa nan take a saman rubutun da aka zaɓa. A ordinatar, danna hannun dama a kan rubutun da aka zaɓa yana ba da fassarar wannan guntu kaɗai. Wannan hanya ba ta taɓa cikin shafin, don haka ba ta ɓata komi.

Ta biyu ita ce waya biyu. Wayar da ake cikawa tana nan da harshen asali, a ɗauki ta biyu a buɗe kyamarar Google Translate a haska fuskar ta farko. Wannan ita ce ta fi dacewa idan ɗa ne ke cika wa mahaifinsa, ko idan rubutun na cikin hoto ne. Tana kuma taimakon wanda ke gaban shafin Larabci ko na Sinanci, inda ko haruffan ba ya iya karantawa balle ya rubuta su a takarda.

Lokacin biyan kuɗi

Nan ne kuskure ke cin aljihu. Kafin a shiga shafin biya, ko na tikitin jirgi ne, ko kuɗin biza, ko odar kaya, a kashe fassara a sake lodi tun ba a rubuta lambar kati ba. A duba jimillar kuɗin da yawan kayan a shafin asali. Lambobi iri ɗaya ne a yawancin harsuna, sai dai shafukan Larabci wasu suna amfani da nasu lambobin, waɗanda duk wanda ya yi makarantar allo ko Islamiyya ya saba gani.

Idan kuwa an riga an taɓa maɓallin biya sannan fuska ta koma fari, a tsaya. Kada a sake taɓawa, kada a sake lodi nan take. Farin fuska ba ya nufin kuɗin bai fita ba. Yana iya yiwuwa biyan ya wuce, shafin godiya ne kawai ya kasa fitowa. Idan Chrome ta tambaye ka ko ta sake aika fom ɗin, ka ƙi. Duba saƙon banki, duba imel, ko ka buɗe sabon taga ka shiga asusunka a shafin ka ga ko odar ta shiga. Sai ka tabbata ba ta shiga ba sannan ka sake. Wanda ya yi gaggawa a nan shi ke biya sau biyu, kuma maido da kuɗi daga ƙasar waje ba aikin kwana ɗaya ba ne.

A tuna kuma, tunda Chrome tana aika rubutun shafin waje don a fassara shi, shafin asusun banki ko na sakamakon asibiti ba wurin kunna fassarar gaba ɗaya ba ne. A fassara jimlar da ake buƙata kawai.

Yadda za a gane ko fassara ce ko wani abu dabam

Ba kowace matsala ce laifin fassara ba. Gwajin mai sauƙi ne: kashe, sake lodi, sake gwadawa. Idan ya yi aiki, ita ce. Idan bai yi ba, a duba waɗannan. Akwai akwatin da aka bari babu komi, galibi mai alamar tauraro ko jan layi, kuma yana iya kasancewa can sama inda ido bai kai ba. Akwai hoto ko takardar da ta wuce nauyin da aka ƙayyade. Akwai tsarin kwanan wata: mu rana muke fara rubutawa, Amurkawa kuwa wata suke farawa, don haka 03/04 wurinmu 3 ga Afrilu ne, wurinsu 4 ga Maris, kuma fassara ba ta juya wannan. Akwai Opera Mini idan tana kan tattalin mega mai tsanani, ita ma tana hana wasu maɓallai aiki. Akwai kuma lokacin da aka ba ka ya ƙare kana tsakiyar cikawa, sai an sake shiga da lambar sirri.

Wani shafin kuma ko an nema ba ya fassaruwa, ko wani yankinsa ya tsaya da harshen asali. Wannan sau da yawa da gangan ne, masu shi sun sa alamar hani. Ga matasanmu da ke gina shafuka na ƙungiyoyi, makarantu ko kasuwanci, alamar ita ce wannan, ta farko ga shafi duka, ta biyu ga yanki ɗaya kamar fom:

```
<meta name="google" content="notranslate">
<form translate="no">
```

Ta biyun ta fi kyau, don baƙo zai iya karanta bayanin da harshensa, fom ɗin kuma ya tsira.

Yadda ake maido da fassarar bayan an gama

Idan ka zaɓi «Ne jamais traduire ce site» kuma daga baya kana son karanta labarin shafin, buɗe shi, taɓa ɗigo uku, taɓa «Traduire…», ka shiga jerin ka cire alamar. Idan harshe guda ka hana gaba ɗaya bisa kuskure, shiga «Paramètres», sannan «Langues», a nan akwai jerin harsunan da ake fassarawa kai tsaye da waɗanda aka hana, sai ka cire wanda kake so. A wurin ne kuma ake kashe tayin fassara baki ɗaya.

Shawararmu ga wayar da ake tarayya a gida, wadda tsoho ke karanta labari da ita, yara kuma ke cika dosiye da ita: a bar tayin fassara a kunne, amma jerin harsunan da ake fassarawa kai tsaye a bar shi babu komi. Ta haka wayar za ta riƙa tambaya kowane lokaci, mai karatu ya ce i, mai cika fom ya ce a'a. Game da zaɓin harshe kuwa, wanda ke jin Faransanci ya gwada shi tare da Hausa idan maganar ta doka ce ko ta kuɗi, ya kwatanta biyun. Inda suka saɓa, nan ne wurin da za a tambayi mutumin da ya san harshen kafin a taɓa maɓallin aikawa.

Ƴan uwa na waje da ke turo wa na gida adireshin fom, ku haɗa da saƙon murya kuna faɗa musu su kashe fassara kafin su fara, ku kuma gaya musu sunan maɓallin ƙarshe yadda yake a rubuce da harshen ƙasar. Wanda ya ci karo da wata matsalar da ba mu ambata ba, ya ɗauki hoton fuskar wayar, ya rufe sunansa da lambobinsa, ya kawo muna gidan rediyo ko ya kira a lokacin shirin, za mu duba tare.